Kalmomi nawa ke shiga tallan rediyo na minti ɗaya? Yadda ake auna su kafin a shiga ɗakin naɗi

Duk wanda ya taɓa rubuta talla don rediyo ya san wannan tambaya, domin ita ce ta farko da mai kaya yake yi: "Malam, minti ɗaya zai ɗauki duk abin da na rubuto?" Amsar da nake bayarwa a taƙaice ita ce, mai karatu da Hausa a natse, ba gudu ba jan ƙafa, yakan furta kalmomi wajen 130 zuwa 150 a minti ɗaya. Wannan shi ne abin da nake samu idan na auna muryata da ta abokan aikina. Amma wanda ya riƙe wannan adadi kaɗai ya tafi gidan rediyo, zai dawo da takardarsa a hannu, don tallan minti ɗaya ba magana ce zalla ta sakan 60 ba. Akwai kiɗa, akwai lambar waya, akwai farashi, kowanne yana cin nasa rabon. Idan aka cire su, abin da ke saura wa magana sau da yawa bai kai kalma 100 ba.

Zan bi lissafin daki-daki da misalin wani talla da na yi wa wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari gab da Sallah. Zan kira shagon "shagon Wane".

Fara da auna bakin da zai karanta

Littattafan koyon aikin rediyo na Turanci sukan ce kalma 150 zuwa 160 a minti. Wannan ma'auni nasu ne, an yi shi ne a kan harshensu. Kar ka ɗauko shi ka ɗora wa Hausa. Kai ma 140 ɗin da zan yi ta ambata a nan kar ka ɗauke shi kamar an sassaƙa a dutse, nawa ne. Abin da ya dace shi ne ka samo naka, kuma aikin bai wuce minti goma ba.

Ka samo rubutu mai kalma 200 daidai, wanda ya yi kama da talla, wato gajerun jimloli masu kira ga mai sauraro. Kar ka ɗauki labarin jarida, don jimlolinsa dogaye ne kuma ana karanta shi da wani irin sauti dabam. Ka tabbata babu lamba ko ɗaya a cikinsa. Ka miƙe tsaye, ka kunna abin naɗar murya na wayarka, ka karanta da ƙarfi kamar kana yi wa wani magana daga wancan gefen ɗaki. Ka yi haka sau uku. Na farko ka watsar da shi, don a nan ne harshe yake tuntuɓe. Ka duba tsawon na biyu da na uku, ka ɗauki tsakiyarsu.

Ni kalma 200 takan ci mini sakan 86. Sai in raba 200 da 86, in ninka da 60, ya ba ni 140 saura kaɗan. Wannan adadi ya haɗa da ɗan tsayawar da ake yi a waƙafi da aya don shan numfashi, saboda haka ba sai an sake cire musu wani lokaci ba.

Abu biyu nake so ka kiyaye a nan. Na farko, karatu a zuci ba awo ba ne. Ido ya fi baki sauri nesa ba kusa ba, kuma ido ba ya numfashi. Ko motsa leɓe a hankali ba ya wadatarwa, sai an ɗaga murya. Na biyu, wanda zai karanta tallan shi za a auna, ba wanda ya rubuta ba. Akwai mai murya mai nauyi da ke jan kalma yana ba ta haƙƙinta, shi da ƙyar zai wuce 125. Akwai matashin mai gabatar da shiri da bakinsa ke zuba kamar famfo, ya kai 160 bai ji komai ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai kalma 35, wato jimla uku ko huɗu cur. Idan ka rubuta wa na biyu, na farko ya zo ya karanta, tallanka ya haura.

Minti ɗayan ba duka naka ba ne

Gidajen rediyo suna sayar da lokaci ne a yanke: sakan 15, 30, 45 ko 60. Idan ka biya na 60, to 60 ɗin ne tun daga sautin farko har na ƙarshe. Wanda ya kawo 64, ko dai a ce ya koma ya rage, ko a caje shi kuɗin da ya fi, ko kuma mai kula da na'ura ya datse wutsiyar don shiri na gaba ya shigo. Wutsiyar nan kuwa ita ce inda sunan shago da lambar waya suke.

Saboda haka kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka zauna ka raba sakan 60 ɗin kamar yadda ake raba kuɗin cefane. Kiɗan buɗewa, wanda ke sanar da kunne cewa wani abu sabo ya shigo, yakan ci sakan 3. Na rufewa ma sakan 3. Sannan ka ajiye sakan 2 a gefe, ba na kowa ba, don ranar naɗi ba a rasa abin da zai ɗan ja. Ka ga saura 52. Idan kiɗan zai ci gaba a ƙarƙashin murya, wannan ba ya cin lokaci, wanda yake shi kaɗai ba magana a kansa shi ake cirewa.

Daga nan sai babban mai ci, wato lambar waya. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce. A takarda wuri kaɗan take ci, a baki kuwa kalma 11 ce, kuma ba a karanta ta da saurin sauran magana. Dole a yanka ta kashi uku, huɗu da uku da huɗu, a ɗan tsaya a tsakani, don mai sauraro ya samu ya riƙe. Ka gwada da agogo: "sifili takwas sifili uku", ka tsaya, sannan ukun tsakiya, ka tsaya, sannan huɗun ƙarshe. Ni takan ci mini sakan 7. Kuma lambar da aka faɗa sau ɗaya kamar ba a faɗa ba ce, don kafin direban a-daidaita-sahu ko matar da ke tsakar gida tana aiki su ankara cewa lamba ake bayarwa, rabinta ya wuce. Sai an maimaita. Sau biyu kuwa sakan 14 ke nan. A Nijar, inda lambar take da alƙaluma 8, nauyin ya ɗan ragu, amma a can ma sai an ware mata lokacinta.

To, 52 a cire 14, saura 38. Ga lissafin a dunƙule:

```
kalmomi = (sakan da suka rage ÷ 60) × saurin mai karatu
kalmomi = (38 ÷ 60) × 140 = 88
```

Kalma 88. Daga 140 da muka fara da ita, abin da ya rage wa saƙon kansa ke nan. Wannan shi ne adadin da nake rubutawa a saman takarda in zagaye shi da biro kafin in fara rubutu.

Abin da kwamfuta ba ta ƙirgawa

Alhaji mai shagon atamfar da na ambata ya zo da takardarsa a buge, yaronsa ya buga masa. Ya ce sun ƙirga a kwamfuta, kalma 138 ce, kuma an gaya masa 140 ke shiga minti ɗaya, don haka har da rara. Gaskiya ya faɗa, abin da kwamfutar ta nuna ke nan. Sai dai kwamfuta tana ƙirga duk abin da ke tsakanin fili biyu a matsayin kalma ɗaya, ko mene ne shi.

A cikin takardar akwai farashi uku da lambar waya biyu. Na ce, "Alhaji, bari mu rubuta su yadda baki zai faɗe su." ₦12,500 kalma ɗaya ce a wurin kwamfuta. A baki kuwa "naira dubu goma sha biyu da ɗari biyar" ce, kalma takwas. ₦35,000 ta zama "naira dubu talatin da biyar", kalma biyar. ₦8,000 ta zama "naira dubu takwas", kalma uku. Farashin nan uku kaɗai sun ƙara kalma 13 da ba a gani a takarda. Da muka ware lambobin waya biyun gefe, sauran maganar ta tashi kalma 149. A saurin 140, wannan sakan 64 ne. Ƙara 14 na lambobin waya, kowacce sau ɗaya tak, ƙara 6 na kiɗa. Ya zama sakan 84. Tallan da aka zaci yana da rara ashe ya haura da sakan 24.

Alhaji bai yarda ba sai da na miƙa masa wayata yana kallon agogo ni kuma ina karantawa. Da agogon ya cika minti ɗaya, ban ko iso ga lambar waya ta farko ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, yanzu me za mu zubar?"

Don haka ƙa'idar ita ce, kafin ka ƙirga, ka mayar da kowace lamba haruffa. Farashi, kwanan wata, lokaci, lambar shago, shekara, kashi cikin ɗari, duka. "15/3" a rubuta "ranar sha biyar ga watan Maris". Gajerun sunaye na hukumomi da makarantu da ake furtawa harafi-harafi, kowane harafi a ɗauke shi kalma guda. Wannan yana da wani amfani kuma: mai karatu ba zai tsaya a gaban makirfo yana tunanin yadda zai furta adadi ba. Wanda ke rubuta wa masu sauraro a Nijar ma sai ya rubuta kuɗin yadda ake faɗarsa a kasuwa, da dala da jika, don abin da baki zai furta shi ake aunawa.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi rubutun Hausa ita kaɗai. Mutane da yawa suna haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba: su rubuta "zamu" maimakon "za mu", "dake" maimakon "da ke", "basa" maimakon "ba sa". Rubutu ɗaya, idan mai haɗewa ya buga shi, kwamfuta za ta nuna adadi ƙasa da na mai rabawa, alhali a baki tsawonsu ɗaya. Idan ka auna saurinka da rubutu mai bin ƙa'ida, to tallan ma ka gyara shi ya bi ƙa'ida kafin ka ƙirga. In ba haka ba, kana awo da mudu biyu.

Gaɓa ta fi kalma gaskiya

Ko bayan an yi duk wannan, ƙirgen kalma ƙiyasi ne kawai, don kalmomin Hausa ba tsawonsu ɗaya ba. Dubi jimlolin nan biyu, kowacce kalma shida:

"Ku zo ku ga da ido."

"Muna maraba da ɗaukacin abokan cinikinmu."

Ta farko gaɓa bakwai ce, ba ta cika sakan biyu ba. Ta biyu gaɓa goma sha shida ce, sakan huɗu. Kalma shida da kalma shida, amma ɗaya ta ninka ɗaya har da ɗoriya. Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su da, na, ta, ya, a, ku, mu, waɗanda ke cika ƙirge ba sa cin lokaci. A gefe guda kuma ga irin su "gyare-gyare", "ingantattun", "makarantunmu", da dogayen kalmomin da muka aro daga Larabci, waɗanda kowacce ɗaya take a ƙirge amma tana cin wurin uku.

Shi ya sa idan talla ya matse, nakan koma ƙirga gaɓoɓi. Ba shi da wuya: a Hausa kowace gaɓa wasali ɗaya take da shi, ko tagwan wasali irin "ai" da "au". Ka bi layi kana buga yatsa a tebur, a-tam-fo-fi, huɗu. A saurina na talla, gaɓa huɗu ke fita a sakan ɗaya idan an haɗa da numfashi, wato wajen 240 a minti. Ka ƙirga gaɓoɓin layi, ka raba da huɗu, ka samu sakan ɗinsa. Ba sai ka yi wa dukan talla haka kullum ba. Amma idan ka ga rubutu cike da manyan kalmomi, irin na sanarwar hukuma ko na makaranta, ka san 140 ba za ta yi aiki a kansa ba, gaɓa za ka bi.

Ita ma gaɓar akwai mai nauyi da marar nauyi. Dogon wasali da baƙi mai ruɓi, kamar na "shadda" da "sabbin", sun fi jan lokaci, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son a matsa wa mai karatu ya yi gudu. Bambancin "gari" na mutane da "gari" na tuwo yana cikin tsawon wasalin farko. Mai gudu wasulan nan yake fara haɗiyewa, sai magana ta zama ana jin ƙara ba a kama ma'ana, musamman a ƙaramar rediyo cikin hayaniyar kasuwa.

Yadda muka sassaƙe tallan Alhaji

Muna da kalma 149, muna neman 88. Wato sai an zubar da wajen 60. Ba a yin wannan da cire kalma ɗaya nan ɗaya can, sai an cire abubuwa sukutum.

Na fara da lambar waya ta biyu. Lamba biyu a talla ɗaya ba ta ƙara ciniki, ruɗa mai sauraro take yi, ya haɗa kan wannan da wutsiyar waccan. Gara ɗaya sau biyu da biyu sau ɗai-ɗai, kuma lokacin da suke ci ɗaya ne. Sai farashi: na tambaye shi wanne ne yake jawo mutane shago, ya ce na atamfa. Muka bar shi, muka cire na shadda da na leshi. Sai wani dogon sakin layi na yabon shagon, yadda ya daɗe yana hidima da yadda ya yi fice wajen gaskiya da riƙon amana. Alhaji ya so wannan sashe ƙwarai, kuma na fahimce shi, don sunansa ne da guminsa. Amma na ce masa kowane shago haka yake faɗa, mai sauraro ba zai tuna wanda ya faɗa ba. Abin da zai tuna shi ne kaya ba sa zuba, kuma akwai ragi. Kwatancen wuri ma ya yi tsawo, har da ta ƙofar da za a shiga da abin da ke kallon shagon. Wanda ya riƙe sunan kasuwa da sunan shago da lamba, zai kira a yi masa kwatance.

Sallama ce kaɗai muka ɗan ja a kanta. Takardarsa ta buɗe da cikakkiyar sallama, har zuwa "wabarakatuhu". Kalma huɗu ce a ƙirge, amma gaɓa 19 ce, kusan sakan biyar. Alhaji ya ce shi ba zai shiga gidajen mutane ba sallama ba, kuma ya yi gaskiya. Muka tsaya a kan "Assalamu alaikum", gaɓa bakwai, ƙasa da sakan biyu. Ga abin da muka naɗa:

"Assalamu alaikum. Sallah ta ƙarato! Hajiya, kin yi ɗinki? Alhaji, ka sayi shadda? To, ku garzayo shagon Wane da ke Kantin Kwari, a Kano. Mun sauke sabbin atamfofi da leshi da shadda, kaya masu kyau da ba sa zuba. Turmin atamfa daga naira dubu goma sha biyu da ɗari biyar. Wanda ya sayi turmi biyar, za mu yi masa ragi. Muna buɗewa kullum, daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma. Ku kira mu a wannan lamba: (lambar waya). Ga ta kuma: (lambar waya). Shagon Wane, Kantin Kwari. Sai kun zo!"

In ban da lambar waya, kalma 88 ce, gaɓa 155. Raba 155 da huɗu, sakan 39 saura kaɗan. Ƙara 14 na lamba, ƙara 6 na kiɗa, 59. Sakan ɗaya ya yi mini kaɗan a matsayin rara, sai muka rage kiɗan rufewa zuwa sakan biyu, aka tashi a 58. Ka lura sunan shago da na kasuwa sun fito sau biyu, a farko da ƙarshe. Wannan maimaicin da gangan ne, kuma tun a lissafi ake ware masa wuri, don shi ne abin da aka biya kuɗin saboda shi.

Idan tallan ba irin wannan ba ne

Tallan wasan kwaikwayo, inda mutum biyu ke hira, ya fi cin lokaci. Duk sanda magana ta tashi daga baki zuwa baki akwai ɗan gibi, wajen rabin sakan. Musaya goma sakan biyar ke nan. Ga dariya, ga "kai!", ga "haba dai!", ga ƙarar buɗe ƙofa ko tsayuwar babur, duk ba sa cikin ƙirgen kalma amma suna cikin agogo. Idan zan rubuta irin wannan, nakan cire sakan 8 zuwa 10 tun farko, in yi lissafi da abin da ya rage. Kuma 'yan wasa sukan ƙara nasu gishirin a gaban makirfo, wanda sau da yawa shi ke ƙawata tallan, don haka a bar musu wuri.

Tallan magani yana da jimlar gargaɗi da ba a taɓawa, irin "Idan ciwo ya ƙi sauƙi bayan kwana uku, a tuntuɓi likita." Gaɓa 21 ce, sakan biyar. A cire ta tun farko kamar yadda aka cire lambar waya. Akwai masu sa a karanta ta da gudu har ba a ji, ni ba na yarda da haka, don ita ce jimlar da ta shafi lafiyar mai sauraro. Kuma tunda a Najeriya tallan magani sai da amincewar NAFDAC, tallace-tallace kuma suna bi ta tantancewar ARCON, hukumar kula da harkar talla, gara a gama awo da yanka kafin a miƙa rubutu, kar a zo ana canza abin da aka riga aka amince da shi.

Tallan da aka fassaro daga Turanci kuwa kusan kullum yakan kumbura. Abin da suka faɗa da kalma ɗaya wani lokaci sai mun yi masa bayani da huɗu. Idan kamfani ya aiko da rubutun sakan 60 ya ce a mayar da shi Hausa, kar ka bi shi jimla-jimla. Ka fitar da saƙonnin da dole su fito, ka yi lissafin kalmominka kamar yadda muka yi a sama, ka rubuta sabo a cikin wannan iyaka.

Na sakan 30 kuma ba rabin na 60 ba ne, ya fi haka matsi, don lambar waya ba ta raguwa. Cire sakan 2 na buɗewa, 2 na rufewa, 1 na rara, saura 25. Lamba sau ɗaya, saura 18. A saurin 140, kalma 42 ke nan. Idan aka ce sai an maimaita lambar, saura sakan 11, kalma 25 kacal. A irin wannan nakan ba mai kaya shawara ya bar lambar gaba ɗaya ya ƙarfafa sunan wuri, in dai wurin sananne ne.

Gwajin ƙarshe kafin naɗi

Lissafi yana kai ka kusa ne, agogo ke yanke hukunci. Idan rubutu ya kammala, ka ba wanda zai karanta, ya karanta da ƙarfi sau biyu kana riƙe da agogo, ba tare da ka gaya masa sakan nawa kake nema ba. Da zarar ya san ana neman 52, zai yi ta kallon agogo yana daidaita bakinsa, awon ya lalace.

Alamomin cewa rubutu ya yi yawa a bayyane suke ga mai saurare da kyau. Za ka ji mai karatu yana jan numfashi a tsakiyar jimla maimakon a ƙarshenta. Za ka ji ya fara a natse, daga tsakiya ya soma hanzari, ya iso lambar waya yana gudu. Za ka ji ƙarshen kalmomi yana ɓacewa, tambaya kamar "kin yi ɗinki?" ta fita ba sautin tambaya. Idan ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, kar ka ce masa ya sake gwadawa, ka karɓi takardar ka cire jimla guda.

Manhajojin gyaran sauti suna iya matse murya ba tare da ta sirance ba. A Audacity, alal misali, akwai Change Tempo. Yana da amfani idan an haura da sakan ɗaya ko biyu. Ni ba na wuce kashi 5 cikin 100, wato wajen sakan uku a minti, kuma ba na taɓa sashen lambar waya da shi. Fiye da haka, kunne yana ganewa, muryar ta daina kama da ta mutum mai yi maka magana. Haka ma yanke duk numfashin da ke tsakanin jimloli: ana samun sakan biyu ko uku, amma mai sauraro ya rasa inda zai ajiye abin da ya ji kafin na gaba ya iso.

Idan kuma mai gabatar da shiri ne zai karanta kai tsaye ba naɗi ba, ka rage kalma goma daga lissafinka, don zai ƙara nasa, kuma ba za a sake ɗauka ba.

Daga nan sai ka tura abin da aka naɗa a waya, ka kunna wa wani da bai taɓa ganin rubutun ba, sau ɗaya tak, a wurin da ake ɗan hayaniya. Ka tambaye shi abu uku: me ake sayarwa, a ina, kuma lambar me ya riƙe. Da muka gwada na Alhaji a kan wani mai shayi, ya faɗi atamfa, ya faɗi Kantin Kwari da sunan shagon, ya kawo alƙaluma bakwai na farko daidai, huɗun ƙarshe suka kuɓuce masa. Sai muka koma muka ƙara tsayawar da ke gaban huɗun ƙarshen da rabin sakan a duka karo biyun, daga cikin sakan biyun da muka ajiye, tallan ya tashi a 59.